Jarida ko mujalla don tara kalmomin jarrabawar Hausa

"Zan rubuta Hausa a JAMB bana. Jarida zan riƙa saya ko mujalla don ƙara kalmomi, kuma yaya zan rubuta su yadda ba zan manta ba?"

Ƙanena, jarida za ka saya. Shekarar da na yi tawa jarrabawar, Aminiya nake saya duk mako, kuma kwafi ɗaya yana isata kwana bakwai, domin a cikinsa akwai labarin majalisa, da na kotu, da na kasuwa, da na noma, wato irin kalmomin da ake bukata a fassara da auna fahimta da insha'i. Babbar fa'idarta ita ce maimaici: kalmar da ka gani yau, kamar hauhawar farashi ko tsagaita wuta, za ta sake zuwa mako mai zuwa a wata jumla dabam, har ta zauna maka. Mujalla kuwa na sayi wata sau biyu na daina, hotuna da hirar taurari sun cinye rabin shafukanta, kodayake ba a rasa karin magana a ciki.

Littafin rubutu mai falle arba'in ya isa, domin babba ba ya shiga aljihu, wanda ba ya aljihu kuwa ba a buɗe shi. Ka naɗe kowane shafi gida biyu. A hagu ka kwafi jumlar da kalmar ta fito a ciki, ka ja mata layi. A dama ka sa ma'ana da jinsi da jam'i. Ga yadda na yi da ƙuduri. A hagu na rubuta cewa majalisa ta amince da ƙudurin, a dama na sa namiji ne, jam'insa ƙudurori, sannan na ƙara cewa bai zama doka ba tukuna, yana jiran sa hannun shugaban ƙasa. Da ma'ana kawai na rubuta, da na ci gaba da haɗa shi da doka a fassara.

Kada ka wuce kalma biyar a rana. Washegari ka rufe ɓangaren dama ka gwada kanka, ka sake bayan kwana uku, sannan bayan mako. Wadda ta kuɓuce maka sau biyu, ka gina mata jumlarka da kanka. Sai dai jarida takan yi sakaci da ɗ da ƙ da ɓ, da raba kalma irin yana da ya na, saboda haka ka duba ƙamus kafin ka kwafa.

Ka kuma kiyayi masu talla a bakin cibiyoyin rajista da ke sayar da takardun kwafi, wai kalmomin da za su fito bana. Na sayi ɗaya, ashe jeri ne kawai babu jumla ko ɗaya, ga shafuka huɗu na tsakiya babu su.