Agogonmu zai bi, ko wa'adin amsa za mu sa masa?

"Salamu alaikum 'yan zaure. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta masu riɗi a wani ƙauye kusa da Gumel. Ɗan yayana da ke karatu a Kuala Lumpur shi yake riƙe mana lissafi da rubuta wa masu saye. Sai in tura saƙo da la'asar, shiru har gobe. In ce ya zauna daga 8 zuwa 4 agogonmu, ko in bar shi da lokacinsa in sa masa wa'adin amsa?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin ka zaɓa, riƙe lamba guda: Maleshiya na gaban Najeriya da awa 7, rani da damina, domin su da mu duk ba ma sauya agogo. La'asar ɗinka, ƙarfe 4, ƙarfe 11 na dare ne a wurinsa.

Ɗora hanya ta farko a kan wannan lissafi. 8 zuwa 4 namu, 3 na yamma zuwa 11 na dare ne nasa. Amfaninta a bayyane yake: ka kira, ya ɗauka, magana ta ƙare. Amma yaron da ya wuni a aji, la'asar da magariba da isha duk su same shi a bakin aikinku, mako biyu zai yi da ƙarfi. Daga nan za ka fara ganin alama, ba a bakinsa ba, don ba zai iya ce wa baffansa ya gaji ba. A takarda za ka gani: buhu 46 ya zama 64, amsa ta koma "to" kawai. Kuma mu ma nan ba awa 8 muke riƙe da waya ba. Ana gona, ana kai caji, sabis yana ɗaukewa. Ka ɗaure shi ke nan yana gadin wayar da ba za ta yi ƙara ba.

Hanya ta biyu tana hutar da shi, har ma tana da wata riba. Ka tura hoton rasit bayan magariba, ya tashi ya yi aikin da hantsinsa muna barci, ka idar da asuba ka tarar da lissafi a shirye. Inda take cizo shi ne saƙon da bai cika ba. Ni ya taɓa cina da ƙanena da ke can. Ranar Laraba da dare na rubuta masa "ka duba kuɗin mutumin nan". Ƙarfe 2 na darenmu ya amsa: "Yaya, wane mutum?" Ban gani ba sai da safe, ga Alhamis ce, kasuwar Maigatari na ci, shi kuma yana aji. Har mota ta tashi ban san nawa muke bin mutumin ba. Laifina ne. Da na sa suna da yawan buhu da ranar da nake bukata, da an gama.

Don haka ni ta biyun nake ba ka shawara, amma ka ɗebo awa 3 daga ta farko ka haɗa. Ku tsayar da 8 zuwa 11 na safe agogonmu, wato 3 zuwa 6 na yamma nasa, lokacin da kowa zai kasance kusa da waya. Ka bar masa 'yan mintoci wajen 9 da rabi, sallar la'asar ke nan a can. Cikin wannan tsakani, saƙo ya sami amsa kafin rabin awa. In ba cikin wannan tsakani ba kuwa, wa'adi awa 24 ne, kuma duk abin da ka tura bayan 3 na ranarmu, 10 na darensa, na gobe ne. Ko ka ga alamar WhatsApp ta yi shuɗi, kada ka ƙirga shi a ƙin amsa. Mutum kan buɗe saƙo ido rabi a rufe.

Gaggawa kuma ku yanke mata ma'ana tun yanzu, in ba haka ba komai zai zama gaggawa. Mu abu biyu muka ware: ana lodi farashi ya sauya, ko kuɗin da aka ce an turo bai shigo ba. Waɗannan kira ake yi, sau biyu a jere, shi kuma ya san ya halatta a tashe shi.

In za ka ambaci lokaci, rubuta duka biyun: "Talata, 9 na safe namu, 4 na yamma naka." Kada ka ce "gobe" da dare, domin daga ƙarfe 5 na yammanmu shi ya riga ya shiga gobe. Ka tambaye shi jadawalin darussansa na wannan zango kafin ku tsayar da awannin, in jarrabawa ta matso kuma ku sake zama.