VS ko XO: abin da haruffan kwalbar barandi ke nufi

"Na fara aiki a sashen abin sha na wani otal a Abuja. Baƙi na tambaya ta bambancin VS, VSOP da XO, ni kuwa kuɗinsu kawai na sani. Wanne zan ba wa, kuma shin mai tsadar ya fi kyau a kullum?"

Ƙanena, haruffan nan shekaru suke faɗa, amma shekarun da barandi, wato giyar inabi da aka tace, ya yi a cikin gangar katako, ba a cikin kwalba ba. A barandin Cognac na ƙasar Faransa, inda doka ta ɗaure su, VS na nufin shekara 2 aƙalla, VSOP shekara 4, Napoléon 6, XO kuma 10. Kafin Afrilun 2018 shekara 6 ta isa a rubuta XO, shi ya sa za ka ji tsofaffin ma'aikata na faɗin wani adadi dabam.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne, kusan kowace kwalba gauraye ce daga ganguna da yawa, kuma ƙaramin cikinsu ake dubawa. Ko da kashi 90 cikin ɗari na haɗin ya shekara 20, in ragowar ɗan shekara 3 ne, VS za a rubuta. Lissafin ma yana da ranarsa. Ɗauki inabin da aka girbe a kakar 2015: dole a gama tace shi kafin ƙarshen Maris na 2016, ƙirga kuma ta fara ran 1 ga Afrilu. Ya cancanci VS a Afrilun 2018, VSOP a 2020, XO sai 2026. Da zarar an ɗura shi a kwalba, tsufa ya tsaya. VSOP ɗin da ya yi shekara 15 a kabad, VSOP ne har gobe.

To, ajiye su gefe da gefe. Ƙaramin, wato VS, yana da ƙamshin sabon 'ya'yan itace da fure, yana kuma da zafi a maƙogwaro. Tsohon ya sha katako, iska ta daɗe tana ratsa shi, don haka zafin ya kwanta, sai ƙamshin busassun 'ya'yan itace, kirfa, da wani abu kamar na gyaɗa, kuma ɗanɗanon na daɗewa a baki bayan an haɗiye. Tsadarsa ba ta banza ba ce: duk shekara kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na abin da ke ganga yana tashi a iska, ga kuɗin ajiya na shekara goma. Sai dai ƙarfin giyarsu kusan ɗaya ne, yawanci kashi 40. Kada ka bar baƙo ya ɗauka taushin XO na nufin ba ya bugarwa.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa baƙo ita ce yadda zai sha. In ya ce a haɗa masa da lemon citta ko na kola da ƙanƙara, miƙa masa VS. Kaifin nan nasa shi ke sa a ji shi ta cikin zaƙi, XO kuwa ɓacewa zai yi, an biya kuɗin ƙamshin da sukari da sanyi suka danne. Ni dai ina ganin rashin adalci ne ka yi shiru don kawai cinikin ya fi tsoka. Faɗa masa, in ya nace, zaɓinsa ne. Wanda zai sha zalla, kaɗan-kaɗan bayan abinci, shi ne mai XO. Wanda bai san abin da yake so ba, ko teburin da wasu za su haɗa wasu su sha zalla, VSOP ya fi raba gardama.

Kada launi ya ruɗe ka. Doka ta yarda a saka ƙonannen sukari don daidaita launi, don haka duhu ba shaidar tsufa ba ne.

Duba kuma asalin kwalbar kafin haruffan. A Armagnac, wani barandin na Faransa, VS shekara 1 ce kawai, kodayake VSOP 4 ce, XO kuma 10. Brandy de Jerez na Sifen nasa tsarin dabam ne: Solera wata 6, Solera Reserva shekara 1, Solera Gran Reserva shekara 3. Barandin da bai ɗauki sunan irin waɗannan yankuna ba yakan liƙa VSOP ko XO ba tare da dokar Cognac ta hau kansa ba. In dillali ya kawo maka XO a farashin da bai kai na VS ɗin Cognac ba, juya kwalbar ka nemi kalmar Cognac da ƙasar da aka yi shi, ka kuma duba hatimin murfin kafin ka sa hannu a takardar karɓa.