Raguwar darajar motar haya: wace hanyar lissafi za ka zaɓa, kuma me ta shafi haraji?

Wanda zai sayi motar dakon kaya da sunan kamfani yakan ji akanta ya tambaye shi ta wace hanya za a riƙa rage darajarta a littafi. Hanyoyin da aka fi bi biyu ne. Ta farko ita ce a raba kuɗin motar daidai wa daida bisa shekarun da za ta yi aiki. Ta biyu ita ce a riƙa cire wani kaso kowace shekara daga abin da ya rage na darajar. Da yawa suna rungumar ta biyu don an ce musu tana rage haraji. A Najeriya wannan magana ba haka take ba.

A ɗauka kamfani ya sayi babbar mota a farkon shekara kan naira miliyan 40, har da kuɗin kwastan da na kawo ta. Yana sa ran za ta yi shekara 5 tana jigila tsakanin Kano da Legas, sannan a sayar da ita miliyan 8. A hanyar daidai wa daida sai a cire 8 daga 40, a raba miliyan 32 gida biyar: miliyan 6.4 ke nan duk shekara, ba ƙari ba ragi. A hanyar ragowa, idan aka ɗauki kashi 30 cikin ɗari, shekarar farko za a cire miliyan 12, saura 28. Shekara ta biyu kashi 30 na 28 ne, wato miliyan 8.4, ta uku miliyan 5.88, haka yake ta sauka har motar ta tsaya a wajen miliyan 6.7 a ƙarshen shekara ta biyar. Wanda yake son ta sauka kan miliyan 8 ɗin da ya ƙiyasta sai ya ɗauki kusan kashi 27.5. A nan ake yawan yin kuskure guda: cire kuɗin sayarwar ƙarshe kafin a fara ɗora kason. A wannan hanya kan cikakken kuɗin motar ake farawa.

To, a ce motar ta kawo ribar miliyan 25 a shekarar farko bayan an fitar da mai, albashin direba da yaran mota, tayoyi da gyara. Littafin mai bin hanyar farko zai nuna ribar miliyan 18.6, na mai bin ta biyu miliyan 13. Duk wanda ya kalli wannan tazara zai zaci na biyun ya tsira da kuɗi. Amma hukumar haraji ba ta karɓar raguwar darajar da kamfani ya yanke wa kansa. Lokacin shirya takardar haraji ana mayar da abin da aka cire ne cikin riba, ko 6.4 ne ko 12, sai duka biyun su koma miliyan 25. Daga nan ake cire rangwamen da doka ta ƙayyade kan kadarorin aiki. A dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, rangwamen mota kashi 25 ne cikin ɗari na kuɗin sayenta a kowace shekara. A misalinmu miliyan 10 ke nan. Ribar da za a ɗora wa haraji ta zama miliyan 15, kuma ga kamfanin da ke biyan kashi 30, harajin ribarsa miliyan 4.5 ne, ko wace hanya ya bi a littafinsa.

Ana gane an yi ɓarna ne idan ribar littafi da ribar takardar haraji suka zo iri ɗaya. Mai hanyar ragowa da ya lissafa haraji kan miliyan 13 zai biya miliyan 3.9, ya bar gibin naira dubu 600 da za a bi shi tare da tara da kuɗin ruwa ranar da aka zo bincike. Mai hanyar daidai wa daida da ya yi irin wannan sakaci kansa ya cuta, don ya biya miliyan 5.58, sama da miliyan guda a banza. Mafi muni shi ne a cire raguwar daraja a kuma cire rangwamen a kanta, ribar mai hanyar ragowa ta koma miliyan 3.

Akwai kuma abin da ya kamata mai mota ya shirya wa tun da wuri. Kashi 25 duk shekara yana cinye kuɗin motar cikin shekara huɗu. A ta biyar babu sauran rangwame, don haka idan ribar tana nan miliyan 25, harajin zai haura zuwa miliyan 7.5, a daidai lokacin da injin ke neman garambawul. Kuɗin da ake ganin an samu sauƙinsa a farko ba na rabawa ba ne gaba ɗaya.

Tun da haraji bai bambanta su ba, me zai sa a fifita wata? Gaskiyar yadda motar ke lalacewa. Motar da ke cin dogon zango tana zubar da mafi yawan darajarta a shekara biyun farko, kuɗin gyaranta kuma yana ƙaruwa ne da tsufa. Hanyar ragowa tana ɗora nauyi a farko lokacin da gyara bai da yawa, ta sassauta lokacin da makaniki ya fara cin nasa, sai jimillar ɗawainiyar ta zo kusan daidai a kowace shekara. Ga sabuwar motar dogon zango, ita muka fi gamsuwa da ita. Hanyar daidai wa daida ta fi dacewa da motar da aka sayo ta hannu, wadda ta riga ta sha faɗuwar farko, ko wadda aka ɗaure da kwangilar da ke biyan kuɗi iri ɗaya duk wata. Tana kuma nuna riba mai kauri a farko, abin da mai neman rance a banki zai so, sai dai wannan kaɗai bai isa dalili ba, kuma mai binciken asusu ba zai yarda a riƙa sauya hanya duk shekara don gyara fuskar littafi ba.

Ranar sayarwa ce ke tona wanda ya yi ƙiyasi daidai. A ce an sayar da motar miliyan 18 bayan shekara uku. A littafin hanyar farko darajarta miliyan 20.8 ce, sai a ga asarar miliyan 2.8. A na hanyar ragowa miliyan 13.72 ce, sai a ga ribar miliyan 4.28. Hukuma ba ta duban ko ɗaya. Nata lissafin shi ne an ba da rangwamen miliyan 30, saura 10, kuma da wannan ragowa ake auna kuɗin sayarwar. Wanda littafinsa ke kukan asara zai iya tarar da haraji na jiransa. Shi ya sa kowace mota take buƙatar shafi biyu, na littafin kamfani da na haraji, haɗe da rasidin saye da takardun kwastan, domin sabuwar dokar ba ta ba da rangwame kan kadarar da ba a biya harajin shigowa ko na saye da ya hau kanta ba.

Masu motoci a Gana su lura cewa can dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 hanyar ragowa take bi, kashi 30 ga rukunin motoci. Motar misalinmu za ta sami rangwamen daidai da miliyan 12 a shekarar farko, 8.4 a ta biyu, ko da kuwa kamfanin ya raba kuɗinta daidai wa daida a littafinsa.