Bakin Kaka ko naka: wanne za a bi wajen taƙaita tarihin gida?

"Na naɗi hirar Kakanmu ta awa biyu kan asalin gidanmu, na kwafe ta tsaf, ta kai shafi 40. Shafi uku nake so in raba wa dangi. In bar maganarsa yadda ya yi ta in rage, ko in sake rubutawa da bakina?"

Ɗan'uwa, na gwada duka biyun da hirar kakarmu, Allah ya jiƙanta.

Idan ka bar bakinsa, aikinka yanka ne kawai: ka cire maimaici, da tambayoyinka, da inda hira ta karkata. Duk wanda ya san shi zai ji kamar yana zaune gabansa. Matsalar ita ce tsoho ba ya bin shekaru a jere, kuma da wanda ya riga ya san mutanen yake magana. Kakarmu ta ce, "Sai Baba ya ce masa shi ba zai koma ba." Wane Baba? Uku take kira haka: mahaifinta da ƙannensa biyu. Kuma waye ba zai koma ba, mai maganar ko wanda ake faɗa wa? A sauti muryarta ta bambance, a takarda jikan da bai taɓa ganinta ba ya ɓata.

Idan ka rubuta da bakinka, za ka jera komai daga tushe, kowa da cikakken sunansa, shafi uku su ishe ka. Amma nan haɗarin yake, kuma ni na faɗa ciki. A shafi na 6 ta ce tana goye aka yi ƙaura. A shafi na 31 ta ce ita ta riƙe hannun ƙaninta a hanya. Don labari ya tafi sumul sai na zaɓi ɗaya na zubar da ɗaya. Ashe ƙaura biyu aka yi, na haɗe su wuri guda, kuma sai da gwaggona ta karanta ta gano. Har yau abin yana damuna. Alamar ka fara wannan kuskuren ita ce ka ga kana rubuta "saboda haka" ko wata shekara inda shi bai faɗa ba.

Da ni ne, jeren labarin da bakina zan yi, in bar masa nasa a wuri huɗu ko biyar, cikin alamar zance, ba tare da na gyara masa kalma ba: dalilin tashi, rabuwa, abin da ya gani da idonsa. Ka raba "ya gani" da "an faɗa masa". Shekarar da ka lissafo da kanka, ka sa mata "wajen". A kwafinka kuma ka riƙa sa lambar shafin da kowane zance ya fito.

Tunda Kaka yana raye, ka karanta masa shafi ukun a bayyane kafin ka raba, ka tsaya a kan kowane "Baba" ka tambaye shi wanne ne.