Wane ma'auni za ka ɗauka kafin ka yi wa manaja bayanin zanen ciniki?

Wata ya ƙare, zanen ciniki ya fito, layin ya sunkuya ƙasa, kuma ana jiran ka rubuta sakin layi ɗaya a ƙarƙashinsa. Yawancin masu rubuta rahoto suna fara laluben kalmomi ne nan take, alhali akwai zaɓin da ya riga kalmomi: da me za ka gwada cinikin wannan wata? Wata ɗaya tak yana iya fitowa a matsayin koma-baya ko ci gaba, ba tare da an yi ƙarya ba, gwargwadon abin da aka ajiye kusa da shi.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce kamfani yana sayar da kaya katan-katan. Ya sayar da 6,000 a Nuwamba, 7,100 a Disamba, 6,200 a Janairu, sai 5,880 a Fabrairu. A Fabrairun bara ya sayar da 5,250, kuma abin da aka tsara a sayar a wannan Fabrairun shi ne 6,000. Duk wanda ya dubi zanen zai ga tudu a Disamba, daga nan sai gangara wata biyu a jere. Tambayar da manaja zai zo da ita a bayyane take: shin kasuwa ce take zamewa?

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne gwada wata da watan da ya gabace shi. Ba ya bukatar tsohon lissafi, kuma shi ne ainihin abin da ido ke gani a zanen. Idan cinikin Janairu yana B4, na Fabrairu yana B5, abin da za a rubuta a Excel ko Google Sheets shi ne:

```
=(B5-B4)/B4
```

Amsar ita ce raguwar kashi 5.2 cikin ɗari. Lissafin daidai ne, sai dai ya ɓoye wani abu. Janairu kwana 31 ne, Fabrairu kuwa kwana 28. Raba 6,200 gida 31, ka sami katan 200 a kowace rana. Raba 5,880 gida 28, ka sami 210. Ashe a watan da zane ya nuna an sauka, kowace rana an fi sayar da kaya da kashi 5 cikin ɗari. Kwanakin ne suka gaza, masu saye ba su ragu ba. Wanda ya rubuta wa manaja "ciniki ya faɗi da kashi 5.2 cikin ɗari" ya tsaya a nan, ya tayar masa da hankali a banza, wataƙila ma ya sa a karya farashi ko a matsa wa masu talla lamba kan laifin da ba nasu ba.

Saboda haka ba na yarda da gwajin wata da wata sai an haɗa shi da cinikin kowace rana. Nan ma akwai abin lura. Idan kamfanin ba ya buɗewa kullum, to da kwanakin aiki ake rabawa, ba da kwanakin kalanda ba. Ga mai aiki kwana biyar a mako, Fabrairu mai kwana 28 kullum kwana 20 ne na aiki, wata mai kwana 31 kuwa yakan ba da 21 zuwa 23, kafin a cire ranakun hutu. Tazarar kwana uku cikin ashirin ba ƙarama ba ce. Wannan ma'auni ya fi dacewa da sana'ar da cinikinta ba ya bin yanayin shekara sosai, ko sabon kamfanin da bai cika shekara ba, ko lokacin da aka yi wani canji a watan jiya ana so a ga tasirinsa da wuri.

Zaɓi na biyu, wanda na fi karkata gare shi, shi ne gwada wata da takwaransa na bara. Fabrairu da Fabrairu: daga 5,250 zuwa 5,880, ƙarin katan 630, wato kashi 12 cikin ɗari. Amfaninsa shi ne yana kawar da tasirin yanayi. Idan kowace shekara kasuwar kayan tana cika a Disamba ta lafa bayansa, to gangarar Janairu da Fabrairu ba labari ba ne, an saba da ita. Labarin shi ne ko gangarar bana ta tsaya sama da ta bara. A misalinmu ta tsaya sama sosai.

Amma wannan ma'auni yana da tsada, domin sai kana da amintaccen lissafin bara, wanda aka tattara ta hanya ɗaya da na bana. Idan bara ana ƙirga kaya ne ranar da aka yi oda, bana kuma sai ranar da aka kai su, kana gwada abubuwa biyu ne daban. Idan an buɗe sabon reshe a tsakani, dole jimilla ta hau, kuma hawan bai ce komai ba game da tsofaffin rassa. Sai a ware su a gwada su kaɗai. Idan kuma Fabrairun bara ya lalace ne saboda kaya sun yanke a sito, to kowane adadi na bana zai yi kyau kusa da shi. Har kwanakin ma ba kullum suke daidai ba: Fabrairun 2024 kwana 29 ne, na 2025 kwana 28. Hanyar gane ko bara ta cancanci a gwada da ita mai sauƙi ce: duba watannin da ke gefenta a zanen bara. In ka ga rami ko tudun da babu irinsa a kusa, ka binciki dalili kafin ka jingina da shi.

Akwai kuma matsakaicin wata uku, ga wanda zanensa ke tsalle sama da ƙasa har ba a gane inda ya dosa.

```
=AVERAGE(B3:B5)
```

Disamba zuwa Fabrairu ya ba da 6,393. Nuwamba zuwa Janairu ya ba da 6,433. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato layin kusan a miƙe yake. Matsakaicin yana da amfani inda odar mutum ɗaya ke iya ɗaga wata guda ta kayar da na gaba. Aibinsa shi ne jinkiri. Tudun Disamba yana nan cikin lissafin har yanzu, kuma a rahoton Maris, da zarar ya fita, matsakaicin zai iya sauka ko da Maris ɗin ya yi kyau. Haka nan idan kasuwa ta fara zamewa da gaske, shi ne na ƙarshe da zai nuna. Ina amfani da shi a matsayin layi na biyu a kan zane, amma da wuya in buɗe sakin layi da shi.

Na ƙarshe shi ne gwadawa da abin da aka tsara. An so 6,000, an samu 5,880, wato kashi 98 cikin ɗari, saura katan 120. Manajan da shi ma zai hau sama ya yi bayani wannan adadin zai fara nema, don haka ka ba shi. Sai dai ka sani cewa ba ya nuna inda ciniki ya nufa, yana nuna kyawun hasashen da aka yi ne kawai. Jimla ɗaya ta ishe shi.

To ga adadi huɗu daga wata ɗaya: an sauka da 5.2, an hau da 12, an tsaya cik, an kusa cika alkawari. Kuskuren da na fi gani shi ne a zuba su duka a sakin layin, a bar wa manaja aikin tantancewa. Wanda ya fi wannan muni shi ne a riƙa canza ma'auni kowane wata, a ɗauki wanda ya fi daɗin ji. Manaja mai lura zai gano hakan cikin rahoto biyu ko uku, daga nan kuma ko gaskiya ka rubuta sai ya sake lissafawa da kansa. Ka tsayar da babban ma'auni ɗaya, ka riƙe shi a watan daɗi da watan wuya. Ga kamfanin misalinmu, mai lissafin bara kuma mai tudun Disamba, gwaji da bara ne ya kamata ya ja gaba, cinikin kowace rana ya biyo don ya bayyana gangarar da ido ke gani.

Saura dalili, kuma a nan ne ake yawan rubuta zato kamar tabbas. Zane yana nuna abin da ya faru, ba ya faɗin abin da ya jawo shi. Kafin ka rubuta "saboda", ka fasa jimillar: ta nau'in kaya, ta reshe, ta masu saye. A ce ka fasa ƙarin nan na 630, ka tarar 400 daga sababbin masu saye biyu suka fito. Tsofaffin sun ƙara 230 ke nan, kashi 4.4 cikin ɗari kawai. Wannan ya canza ma'anar kashi 12 ɗin, domin kusan kashi biyu bisa uku na ci gaban ya rataya ne a wuyan mutum biyu. Idan kuma zanen na kuɗi ne ba na adadin kaya ba, ka duba ko an ƙara farashi a tsakani, don kuɗi na iya hawa alhali katan ɗin da ke fita sun ragu.

Ga yadda sakin layin zai fito:

"A Fabrairu an sayar da katan 5,880, ƙarin kashi 12 cikin ɗari a kan Fabrairun bara, kuma kashi 98 cikin ɗari na abin da aka tsara. Gangarar da zanen ya nuna daga Janairu ta ƙarancin kwanaki ce: cinikin kowace rana ya tashi daga katan 200 zuwa 210. Daga cikin ƙarin katan 630 a kan bara, 400 sun fito ne daga sababbin masu saye biyu, sauran masu saye sun ƙaru da kashi 4.4 cikin ɗari. Ina ba da shawarar a tuntuɓi waɗannan biyun a makon farko na Maris don tabbatar da odarsu ta gaba."

Kafin ka aika, ka sake duban gefen hagu na zanen. Manhajar lissafi takan zaɓi inda jerin lambobin gefen zai fara da kanta, kuma a zanen layi ba lallai ta fara daga sifiri ba. Idan ya fara daga 5,500, saukar katan 320 za ta yi kama da faɗawa rijiya, manaja kuma zanen zai fara gani kafin ya karanta bayaninka. Idan zanen sanduna ne, mayar da shi sifiri. Idan na layi ne kana so ka bar shi a haka, to ka rubuta adadin kowane wata a kan layin.