Sharhi: na kai wa telan Jidda kaftanin Kano ya ɗinka min irinsa

Ina da wani farin kaftani da aka ɗinka min a Fagge kafin in taho Jidda. Ba shi da aiki ko ɗaya, ba surfani ba komai, amma duk Juma'a shi hannuna yake fara kaiwa. A watan Rajab na kai shi wanki da guga, ya dawo da tambarin dutsen guga a gadon baya, ja kamar an gasa gurasa. Mai shagon bai yi gardama ba, ya ce in je a ɗinka min sabo zai biya. Sharhin nan na shagon ɗinkin da na je ne, wani madaidaicin shago a unguwar Hindawiyya, kuma sau biyu na ba su aikin kafin in samu abin da nake so.

Zuwan farko na shiga da ƙonannen kaftanin a leda, na shimfiɗa a kan teburi na ce irin wannan sak nake so. Saurayin da ke karɓar aiki ya ɗaga shi, ya juya, ya ce babu matsala. Ya zagaya ni da tef, ya yi 'yan rubuce-rubuce a takarda, ya miƙo min rigata ya ce in dawo bayan kwana 6. Har na ji daɗin saurin.

Abin da na karɓa ranar riga ce mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ɗinkin a miƙe, ba zare ko ɗaya da ke reto. Sai dai jallabiyar Saudiyya ce aka cire wa kwala. Ta sauko min har idon sawu, ba tsaga a gefe, gaban ya yi tauri kamar an sa kwali, maɓallan kuma irin na ƙarfen nan ne da ake dannawa, waɗanda a nan ake kira ɗagɗag, an ɓoye su a ciki. Maman yara ta dube ni ta ce, "To, yau kuma limancin wane masallaci aka ba ka?"

Na koma da fushina. Allah Ya sa na tarar da wani dattijo a shagon, shi ne mai yanka, Bahaushe haifaffen Makka, Hausarsa da ɗan gishirin Larabci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo takardar aikina ya ajiye a gabana.

"Ɗana, duba nan. Me aka rubuta?"

Na duba. Tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, sai kalma ɗaya a gefe: sada, wato marar kwala mai lanƙwasa.

"Baba, ai na nuna masa rigar."

"Ka nuna wa yaron nan. Shi ba ya ɗinki. Masu ɗinkin suna bene, ba su ga rigarka ba, ba su ga fuskarka ba. Takardar nan kaɗai ke hawa sama. Duk abin da ba a rubuta ba, hannunsu zai yi abin da ya saba."

Nan fushina ya ragu da rabi. Takardar tasu an buga ta ne don tufar ƙasar: akwai gurbin kwala, ko gallab ko sada, akwai na bakin hannu, ko kabak mai ɗaukar maɓallin ƙarfe ko sake, akwai na jabzur, wato dogon ƙyallen gaba da maɓallai ke zama a kai. Babu gurbin tsagar gefe, don su ba sa yin ta. Dattijon ya ce in koma gida in auna tsohuwar rigar da kaina, in rubuto komai, su kuma za su sake ɗinkin, ni in sayi yadi, su su yafe rabin kuɗin aiki.

Tsawo na fara da shi, kuma a nan na ga inda aka fara kuskure. Saurayin jikina ya auna, ba rigar ba, tef ɗinsa kuwa ya saba tsayawa a idon sawu, ya rubuta inci 57. Kaftanina inci 52 ne, yana tsayawa a tsakiyar ƙwauri. Ko wannan 52 ɗin sai ka faɗi daga ina ka fara. Ni na shimfiɗa rigar a ƙasa na ɗora kan tef a gefen wuya, daidai inda ɗinkin kafaɗa ya haɗu da wuya, na ja zuwa bakin ƙasa. Wani telan daga ƙashin bayan wuya yake farawa, kuma tsakanin wuraren biyu ana iya samun inci guda. Sai na rubuta: inci 52 daga gefen wuya, bayan an gama kalmasa. Wannan "bayan an gama" ɗin Baba ne ya ce kada in manta da shi, domin idan mai yanka ya ɗauka tsawon yanka ne, kalmasa za ta cinye nata a ciki, rigar ta fito a ɗage. Na kuma rubuta kalmar inci ɓaro-ɓaro. Tef yana da inci a fuska ɗaya, santimita a ɗaya, kuma inci guda santimita 2.54 ne, lamba tsirara ba ta gaya wa kowa komai.

Ita kanta kalmasar ban taɓa kula da ita ba sai ranar. Ta tsohuwar rigar faɗinta inci ɗaya da rabi, an ninka sau biyu. Tasu rabin inci ce. Na ɗauka ado ne kawai, ashe nauyin wannan ninkin ne ke sa ƙasan kaftani ya zauna, ba ya bin iska yana manne wa wando. Tsagar gefe kuma inci 12 daga bakin ƙasa, an kashe kanta da ɗan gajeren ɗinki a gicciye, an maimaita shi sau da yawa don kada ta yage in mutum ya buɗe ƙafa zai shiga mota.

Maɓallai sun fi cin lokaci. Da cewa zan yi "farare guda huɗu" in wuce, amma a shagon akwai akwati guda cike da fararen maɓallai, ba biyu da suka yi kama. Na ɗora ɗaya a kan tef: milimita 11, mai ido huɗu, launinsa ba fari fat ba, ya ɗan yi ruwan madara. Na farko yana inci ɗaya a ƙasa da bakin wuya, sauran kuma tazarar inci biyu da rabi, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Ka ga na ƙarshe ya faɗa a inci takwas da rabi, jabzur ɗin kuma ya ƙare a 11, ƙarshensa mai tsini kamar bakin mashi, faɗinsa inci ɗaya da kwata. Na rubuta cewa a waje suke, ana ganinsu, ramukansu a tsaye ba a kwance ba, kuma kada a sa hashwa mai tauri a ciki. Hashwa ita ce abin da telolinmu na gida ke kira gam, wadda ake mannawa da guga. Ita ta mai da gaban rigar farko allo. Daga ƙarshe na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na tsinke maɓalli ɗaya na manna shi a takardar da salatif.

Aljihun ƙirji bai ba ni wahala ba. A hagu, faɗi inci 5, zurfi biyar da rabi, an datse kusurwoyin ƙasa, bakinsa inci takwas da rabi daga gefen wuya. Na gefe ne ke da labari. A kaftanina na dama ne kaɗai aljihun gaske. Na hagu kafa ce kawai da hannu ke bi ya isa aljihun wando. Masu ɗinkin sun yi min aljihu biyu cikakku, har da ɗan ƙarami a ciki na waya, kamar yadda suka saba. Da na karanta wa Baba wannan layin sai ya yi dariya, ya ce rabonsa da yanka irin wannan kafar tun mahaifinsa na da rai. Ya rubuta ta da Larabci da hannunsa, ya ja layi biyu a ƙasa, don ya san in ba haka ba na sama za su ɗauka mantuwa ce su "gyara".

Ɗinkin kansa ban san ana bayyana shi ba. Baba ya ɗora tef a kan layin jabzur ya ce in ƙirga sawun allura a cikin inci guda. Na samu 12. Na sabuwar rigar 9 ne, shi ya sa daga nesa nake ganin kamar ɗinkin ya fi girma ban san dalili ba. Keke yana da abin murɗawa na wannan, daƙiƙa biyu ne, amma sai an faɗa. Layi biyu ne a wuya da jabzur da bakin aljihu, na farko dab da baki, na biyu kwatan inci daga shi. A kalmasa layi ɗaya. Zaren kuma ba fari ba ne, toka-toka ne mai haske, kuma ashe shi ne duk adon rigar. Shekara nawa ina sa ta ban lura ba sai da na kai ta bakin taga.

Yadin na sayo a kasuwar Balad ta Jidda, mai auduga da yawa, na jiƙa shi ya kwana ya bushe kafin in kai. Tsohuwar rigar ta riga ta gama shan ruwanta, awonta awon bayan wanki ne. In aka yanka sabon yadi a kansa ba a jiƙa ba, wankin farko zai ɗage shi. Wannan karon na bar musu tsohuwar rigar, na roƙa a haɗa ta da takardar a kai bene.

Ta ɗauki kwana 11, ba 6 ba, domin Sha'aban ya shiga kuma ɗinkin Sallah ya fara taruwa. Da na karɓa, a kan teburinsu na auna: tsawo 52 cif, tsaga 12, maɓallai a gurabensu, kafar hagu a buɗe. Hannunsu yana da tsabta, ba su yi min musu ba, kuma dattijon nan ya san aikinsa. Inda na rage musu shi ne teburin karɓar aiki: saurayin ya ga riga ba irin tasu ba, bai tambaye ni komai ba, ya ce babu matsala. Wanda zai kai musu ɗinkin gida ya nemi mai yanka, ya guji bayan tsakiyar Sha'aban.

Abu ɗaya ya kuɓuce, kuma ni ne ban rubuta ba. Na ba da faɗin bakin aljihun dama, inci 7, na manta zurfinsa. Na tsohuwar yana haɗiye hannuna har wuyan hannu ya wuce. Wannan kuwa in na zauna a masallaci kan wayata yana leƙowa. Baba ya ce in kawo bayan Sallah a ƙara masa ƙyalle daga ciki, aikin minti goma ne.