TypeScript bayan wata huɗu: ya cece ni, amma akwai inda ya zuba min ido

Ni fa da ban ɗauki maganar TypeScript, wato yaren firogiramin JavaScript da aka ƙara wa duba nau'in bayanai, da muhimmanci ba, ina ganin ƙarin wahala ne kawai na masu son nuna sun iya, tunda JavaScript ɗina na tafiya lafiya lau. Rasit guda ɗaya ne ya canja min ra'ayi.

Kawuna yana harkar dankalin turawa a Farin Gada nan Jos, sari yake bayarwa buhu-buhu, ni na rubuta masa 'yar manhajar da yaransa ke cire rasit da ita a waya. Sati uku ana aiki ba matsala, saboda duk masu saye da motarsu suke zuwa. Ranar nan wani Alhaji ya ɗauki buhu 2 a kan 45000 kowanne, ya ce a kai masa tasha, sai yaron shago ya saka 3000 a gurbin kuɗin mota. Maimakon 93000, rasit ya fito da 900003000. Naira miliyan ɗari tara da dubu uku, kuɗin dankali buhu biyu! Alhajin dai dariya ya yi ya ce ko gonakin Bokkos gaba ɗaya aka sayar masa, amma Kawu bai ga abin dariya ba, ya kira ni ko sallama babu, "Kai ɗan nan, so kake ka zubar min da mutunci a kasuwa?" Na ce Allah ya huci zuciyarka Kawu, yanzu zan duba.

Da na duba sai kunya ta kama ni. Duk abin da mutum ya rubuta a gurbin fom, ko da lamba ce tsantsa, `value` ɗinsa rubutu yake zuwa, wato `string`. A wajen ninkawa JavaScript na juya rubutun ya koma lamba da kansa, shi ya sa farashi sau adadi ya ba da 90000 daidai kullum. Amma alamar `+` aiki biyu take yi, tana tara lamba tana kuma manna rubutu, in ɓangare ɗaya rubutu ne to mannawa za ta yi. Sai ta ɗauki 90000 ta liƙa masa "3000" a gindi. Layin kuma yana cikin wani `if` da ba ya tashi sai an zaɓi a kai kaya, ni ban taɓa gwada shi ba, ya yi kwanciyarsa sati uku yana jira.

Nan ne bambancin da ake ta faɗa na sitatik da dainamik ya zauna min a kai. A yaren dainamik irin JavaScript ko Python, ba a sanin nau'in abu sai firogiram ya taka layin yana cikin aiki. Python ma ya fi kunya, da zai tsaya ya jefo `TypeError`, amma shi ma sai ranar da Alhajin ya zo, a gaban kwastoma. Shi kuwa TypeScript sitatik ne, yana bin kowane layi, har wanda bai taɓa tashi ba, ya duba nau'in tun kafin ka kunna komai.

Daren nan na canja sunan fayil daga `.js` zuwa `.ts`, na kunna `strict` mai tsaurara bincike, na buga `tsc --noEmit`, umarnin da ke sa TypeScript ya duba kod. Ga abin da ya nuna min a layin:

```ts
let jimla = farashi * adadi;
jimla = jimla + kudinMota.value;
// Type 'string' is not assignable to type 'number'.
```

Wallahi na jima ina kallon sikirin. Ban ma rubuta masa cewa `jimla` lamba ce ba, shi ya gano da kansa daga ninkawar. Abin da ya jawo min faɗan Kawu, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya nuna shi da yatsa. Ya kuma tono wani wuri da na rubuta `kaya.farshi` maimakon `kaya.farashi`, wanda a JavaScript shiru kawai zai ba ka `undefined` ya wuce, har tambaya ta ya yi ko `farashi` nake nufi. Sai wajen da nake neman kwastoma da `find()` ina amfani da sunansa kai tsaye, ya ce min `possibly 'undefined'`, wato in ba a samu mutumin ba fa? Gaskiyarsa, ban taɓa tunanin haka ba. A satin nan duk wanda na haɗu da shi sai na yi masa wa'azin TypeScript, abokina da muke zama tare a Rayfield har ya fara gudu na.

To amma bari na faɗi inda raina ya ɓaci, don har yanzu in na tuna sai na ji wani iri. Bayan kamar wata biyu na mayar da farashin kaya cikin rumbun bayanai na PostgreSQL, ginshiƙin na sa shi `numeric` tunda kuɗi ne. Na rubuta nau'in `Kaya` da kyau, `farashi: number`, na ɗauko daga saba haka:

```ts
const kaya = (await res.json()) as Kaya;
const jimla = kaya.farashi + 500;
```

`tsc` bai ce uffan ba, ko ja ɗaya babu. Aka ƙara 500 na dako, rasit ya fito da 45000.00500. Ciwo iri ɗaya sak, ƙofa ce kawai ta canja. Ashe laburaren `pg` da ke ɗauko bayanai daga PostgreSQL yana dawo da `numeric` a matsayin rubutu ne, da gangan, don kada a rasa daidaiton lambar, sai saba ta turo "45000.00" cikin JSON. Shi kuma `res.json()` nau'insa `any` ne, ma'ana komai ya halatta, sannan `as Kaya` ɗin da na rubuta ba bincike ba ne, rantsuwa ce kawai na yi masa ya yarda. Da zarar an juya kod ɗin zuwa JavaScript duk nau'ukan nan gogewa ake yi, babu mai tsaye a bakin ƙofa yana duba abin da ya shigo daga waje. Na san za a ce laifina ne, na yarda, amma abin da aka ce yana tsare ka ya bar `any` ya shige shiru ko da ka kunna `strict`, ai dole ka ji haushi. Allah ya so wannan karon yaron shago ne ya gani kafin Kawu, na saya masa kati ya rufa min asiri.

Kuma tunda na fara ƙorafi, ashe `90000 + "3000"` shi kaɗai ba laifi ba ne a wajen TypeScript, halal ne, rubutu zai ba ka. Abin da ya sa ya kama na farkon shi ne na mayar da sakamakon cikin `jimla` da ya riga ya sani lamba ce. Da sabon suna na ba shi na tura rasit kai tsaye, da ya wuce salin alin. Haka in yaro ya rubuta 3,000 da waƙafi, `Number("3,000")` zai ba ka `NaN`, wato "ba lamba ba ce", shi kuma `NaN` a wajensa `number` ne cikakke, ba ruwansa.

Yanzu dai duk abin da ya shigo daga fom ko saba `unknown` nake ba shi, sai ya bi ta Zod, laburaren tantance bayanai, an tabbatar lamba ce ta gaske kafin ya taɓa lissafi, in ba haka ba manhajar ta ƙi cire rasit ɗin ta ce a gyara. Komawa JavaScript zalla kam ba zan yi ba, ko don `farshi` ɗin nan. Tauraro huɗu na yi niyyar ba shi, da na tuno 45000.00500 na mayar uku da rabi. Kawu kuwa har yau in an cire rasit mai kuɗin mota sai ya jawo kalkuletarsa ya sake bugawa.